An cire mini kuɗin wuta a banki amma lambar token ba ta zo ba

Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawara. Jiya da daddare mitar gidanmu ta fara kuka saboda yunit ya kusa ƙarewa, sai na sayi wutar naira 10,000 ta manhajar bankina. Nan take saƙon cire kuɗi ya shigo, amma har yanzu ba lambar token, ko ta saƙon waya ko ta imel. Na duba rasit, lambar mitar daidai take.

Iya fahimtata, banki ba ya zuba wuta a mita kai tsaye. Yana tura kuɗin ne ta hannun dillali zuwa kamfanin rarraba wuta, can ake fitar da lamba mai alƙaluma 20 wadda mitata kaɗai za ta karɓa. Sai na danna ta da hannuna kafin yunit ya hau. Ke nan wani wuri a tsakani abin ya maƙale.

Banki sun ce kuɗi ya fita daga wajensu, in nemi kamfanin wuta. Su kuma sun ce ba su ga ciniki a kan mitata ba. Kowa na tura ni wajen ɗan'uwansa, ga abinci a firji yana neman lalacewa.

Wace lamba a jikin rasit zan ba su don su gano inda kuɗin ya tsaya? In kuma an riga an fitar da token ɗin, saƙon ne bai iso ba, ta yaya ake sake ciro shi? Kuma in na sake saye yau, tsohon zai shiga daga baya, ko mitar za ta ƙi shi?