Neman kalma: me za mu kira "domain" da "handle" da Hausa?

Mai Turaren Wuta: Assalamu alaikum jama'a. Shekara huɗu ina haɗa turaren wuta da humra a gida, yanzu ina so in yi rajistar sunan kasuwanci. Ƙanina ya ce kada in kuskura in buga sitika ko leda sai na duba ko sunan yana nan a "domain" da kuma "handle". Na gane abin da yake nufi daga baya, amma da na zo yi wa matan ƙungiyarmu bayani sai bakina ya mutu, don duk abin da na ɗauko sai in ce "suna". Sunan CAC, wato hukumar rajistar kasuwanci, suna, na intanet suna, na Instagram suna. Wata ta ce min to sunan nawa ne abu ɗaya zai ci? Ku taimaka da kalmomin da za su raba su. Ba zan faɗi ainihin sunan da na zaɓa ba tukuna, mu ɗauka Gidan Ƙamshin Arewa ne.

Baban Tagwaye: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai sunan ya yi min tsawo. Ki sa sunan babbar 'yarki a ciki mana, ya fi albarka kuma ya fi saurin shiga kai.

Mai Turaren Wuta: Na gode Alhaji, amma wannan misali ne kawai. Kalmar Hausa nake nema.

Ɗan Zoo Road: Aikina ke nan, haɗa wa mutane shafuka, bari in fara raba abubuwan kafin malamai su raɗa musu suna. Domen shi ne abin da ake rubutawa a saman burauza, kamar `gidankamshinarewa.com.ng`. Handul shi ne wanda ke bayan alamar @, kamar `@gidankamshi`. Akwai kuma na uku da ke ruɗa mutane: sunan da ke fitowa da manyan haruffa a saman shafinki na Instagram ko Facebook. Wannan na ukun mutum ɗari za su iya sa iri ɗaya, ba mai hana su. Biyun farko kuwa mutum ɗaya ne ke riƙe da kowanne, domen a duk duniya, handul a kowane dandali. Kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna wannan, in ba haka ba aikin banza muka yi.

A fassarori ina ganin "sunan yanki". Ban taɓa faɗa wa kwastoma haka ya gane ba. Wani ma cewa ya yi in rubuta masa Kano ta Tsakiya.

Malama Mai Alli: "Sunan yanki" fassarar ƙamus ce, a ajiye ta gefe. Me ya hana mu ce adireshi? Kowa ya san shi, har kakata.

Ɗan Zoo Road: Malama, adireshi ya yi kusa, sai dai ya riga ya yi aure. Duk dogon layin nan da ake turowa a WhatsApp, mai `https://` a gaba da tarkacen haruffa a baya, shi mutane ke kira adireshi ko linki. Domen guntu ne a cikinsa, kuma shi kaɗai ake biya wa kuɗi. Ga adireshin imel ma yana jiran kalmar.

Ni abin da nake faɗa wa 'yan kasuwa shi ne rumfa. Dalili kuwa, domen haya ne. Shekara-shekara ake biya, na `.com` ana iya biyan har shekara goma gaba, kuma ranar da kika daina biya hanyar fita ta buɗe. Ɗan Kantin Kwari ko Sabon Gari ba ya buƙatar ƙarin bayani a kan wannan.

Malama Mai Alli: To ai rumfa wuri ce da ake zuba kaya. Shafin kansa shi ne rumfar, ba sunan ba. In za mu bi misalinka, "lambar rumfa" ya kamata, tunda ita ce ba a maimaitawa a layi ɗaya.

Ɗan Zoo Road: Kin kama ni, wurin zuba kayan wani abu ne daban da ake biya daban. Amma in na ce lamba sai a kawo min lissafi. "Sunan rumfa" fa?

Akawun Unguwa: Ni ban ga abin wahala ba. In Hajiya ta yi rajista da CAC ai sunan ya zama nata a hukumance, duk wanda ya riƙe shi a intanet dole ya saki. A kira shi sunan rajista a huta.

Ɗan Zoo Road: Yallaɓai, rabin maganarka gaskiya ce. CAC ba za ta yi wa wani rajistar suna iri ɗaya da nata ba. Amma littafinta daban, na domen daban. Duk abin da ya ƙare da `.ng` ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, `.com` kuwa wani kamfani ne a Amurka, kuma duka wanda ya riga shi ke ɗauka. Instagram da TikTok ba su san da takardar CAC ba a lokacin da wani ke buɗe shafi. In rigima ta tashi, rajistar tambarin kasuwanci ce ta fi ƙarfi, ita kuma a wani ofishin ake yin ta, ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Shi ya sa nake cewa a duba intanet tukuna, don dubawar kyauta ce, sannan a nemi CAC ta keɓe sunan. Doka ta ba da kwana 60 na keɓewa, sun isa mutum ya gama sauran.

Mai Turaren Wuta: Na gwada jiya da dare. Na rubuta sunan a Chrome bai buɗe komai ba, ke nan akwai shi?

Malama Mai Alli: Tsaya Hajiya. "Akwai shi" ɗin nan naki, akwai shi a hannun wani, ko akwai shi za ki iya ɗauka? Kun ga wata kalmar da ta fi waɗancan biyun haɗari. Allo ya rubuta `available`, mu mu ce "akwai", mai sauraro ya fahimci an riga an kama.

Ɗan Zoo Road: Wallahi an taɓa yin haka da ni a waya, na ce wa mutum akwai, ya tafi ya canza suna gaba ɗaya. Yanzu cewa nake "ba mai shi" ko "da mai shi".

Hajiya, rashin buɗewa ba hujja ba ce. Mutane da yawa sun kama suna sun ajiye ba su ɗora komai a kai ba. Ki shiga `lookup.icann.org` ki rubuta sunan, ko ki duba a shafin masu sayar da domen. Mai kwamfuta zai iya haka:

```
whois gidankamshinarewa.com
```

In ya dawo da `No match for`, ba mai shi. In da mai shi, za ki ga layin `Registry Expiry Date`, ranar ƙarewar haya ke nan. Kada ki ga saura sati biyu ki zauna jira. Mai shi zai iya sabuntawa, in ma bai yi ba akwai wa'adin alfarma, sai `redemptionPeriod` na kwana 30 da zai iya fanso shi, sai `pendingDelete` na kwana biyar, sannan a saki. Suna mai kyau kuwa dillalai na tsaye a bakin ƙofa ranar sakin.

A Instagram ma haka. Ganin an ce shafin babu shi ba ya nufin sunan a sake yake, wataƙila an dakatar da mai shi ne, sunan kuma yana kulle. Gwajin gaskiya shi ne ki rubuta shi a wurin canza `username` ki ga ko zai karɓa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan namu `.ne` ne, kuma yawanci da sunan Faransanci ake kiran abin, don haka ina saurare da kyau. Tambayata haruffa masu lanƙwasa. Ƙamshi da ƙ ake rubuta shi. Ku kuna rubuta 'y, mu muna da ƴ. Wanne zai shiga?

Ɗan Zoo Road: A handul na Instagram da X ba ɗaya. A domen na yau da kullum haruffan a zuwa z ne, da lambobi, da karan tsakiya, ba tazara ba alamar ɗauri. Akwai hanyar sa baƙin haruffa, amma a ƙarƙashi sunan komawa yake wani abu mai farawa da `xn--`, kuma kwastoman da wayarsa ba ta da ƙ ba zai iso ba. Don haka a karanta sunan bayan an cire lanƙwasa, a ji me ya zama. Baƙi zai koma baki, ƙura ta koma kura. Ita Hajiya matsalarta wata ce: rabin masu sayen turare `kamshi` suke rubutawa, rabi `qamshi`. In da hali ta kama duka biyun, ɗaya ya riƙa tura mutane wajen ɗayan.

Sai tsawo, inda Alhaji ya yi gaskiya ba da niyya ba. `gidankamshinarewa` harafi 17 ne. Instagram na ɗaukar 30, TikTok 24, X kuwa 15 kacal, kuma ba ya karɓar ɗigo. In tana son suna ɗaya a ko'ina, ta auna da mafi ƙanƙantar ƙofa. `gidankamshi` 11 ne, `kamshinarewa` 12, duka za su shiga. Karan tsakiya da domen ke karɓa kuma Instagram ba ya karɓa, shi ɗigo da karan ƙasa ya sani.

Baban Tagwaye: Kun gani ko. Na ce ya yi tsawo aka share ni.

Tela Mai Zare: Ni kalmar haya ce ta taɓa ni. Wani yaro ya haɗa min shafi, ashe da imel ɗinsa ya kama sunan. Da shekara ta zagayo saƙon sabuntawa wajensa ya tafi, shi kuma ya bar gari ya canza layi. Ina da leda dubu biyu ɗauke da sunan da ba ya buɗe komai. Da an ce min rumfar haya ce, da na tambayi takardar da sunan wa take.

Malama Mai Alli: Allah ya mayar da alheri. To na sauko, a bar "sunan rumfa" ya yi gwaji, ko da yake asibiti ko jami'a ba za su so a ce suna da rumfa ba. A can sai a nemi wata. Handul kuma ina da biyu, laƙabi da inkiya. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta "mariƙi", na tambaye shi na kofi ko na tukunya.

Akawun Unguwa: Laƙabi ai mutum goma na amsa ɗaya. Ku ƙirga masu amsa Ɗanlami a unguwarku. Inkiya ta fi.

Ɗan Maraɗi: Inkiya kuma tana da ƙanshin ɓoye suna, ɗan kasuwa kuwa so yake a gane shi. Yara nan cewa suke "turo min at ɗinka".

Mai Turaren Wuta: Gobe a taro zan ce musu sunan rajista, sunan rumfa, da inkiyar shafi, in ga wanne za su maimaita da bakinsu. Na duba yanzu: `.com` da mai shi, `.com.ng` ba mai shi, TikTok ya karɓa, Instagram ya ƙi sai na ƙara `ng` a ƙarshe. Ɗan Zoo Road, in ƙara `ng` ɗin a duka ko in bar shi a Instagram kaɗai?

Ɗan Zoo Road: A duka, Hajiya, muddin bai haura 15 ba. Kuma ki leƙa shafin wanda ya riga ki a Instagram. In shi ma turare yake sayarwa, kada ki biya kuɗin komai tukuna, mu sake zama a kan sunan.