Mu huɗu, ƙasa huɗu: wane gem ne zai haɗa waya da PS4 da laftof?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne abokai tun sakandare, yanzu kowa ya kama gabansa. Ni ina Kano da wayar Android mai RAM 4GB, ɗaya yana Jidda da PS4, ɗaya yana karatu a Manchester da laftof mai Windows, na huɗun yana Accra da iPhone. Muna so mu riƙa haɗuwa daren Juma'a mu yi wasa tare. Wane gem ne zai karɓe mu duka? In da hali na ƙwallo muka fi so.

Baban Ƙwallo: Wa alaikumus salam. Ai eFootball kawai. Kyauta ne, yana waya, yana PS4, yana kwamfuta. Ku sauke ku fara yau.

Mai Shagon Gem: Baban Ƙwallo, yana kan dukkansu kam, amma ba za su ga juna ba. Suna ɗaya ne, gida biyu. eFootball na waya masu waya kaɗai yake haɗawa, don haka Ɗan Fagge zai buga da na Accra, shi ke nan. Na EA ma haka: FC Mobile wani gem ne daban, kuma ko a babban, PS4 da Xbox One ake haɗa shi, kwamfuta kuwa tana ɓangaren PS5. Ka ga na Jidda da na Manchester ma ba su haɗu ba. Haka COD Mobile da Warzone, haka PUBG Mobile da PUBG na kwamfuta. In ƙwallon ce dole, kowa ya ajiye na'urarsa ku koma waya ku huɗun.

In kuma kowa zai zauna a kan abin da yake da shi, ƙanena, ku fara da Brawlhalla. Dambe ne na 'yan tsana a kan dandamali, kowa na ƙoƙarin wurgo ɗan uwansa ƙasa. Kyauta ne a ko'ina, wayarka za ta ɗauke shi, kuma ɗaki ɗaya yana cin mutum takwas. Abin da ya sa na sa shi gaba shi ne aljihun na Jidda: a PlayStation, gem ɗin da aka saya da kuɗi sai da PS Plus, wato rajistar da ake biya wa Sony, ake buga shi ta intanet, na kyauta kuwa ba ruwansa da wannan.

Mutum ɗaya zai shiga Custom Game Room, ya danna Create Room, ya zaɓi ɗaki na sirri. Lambar ɗakin za ta fito, ya tura muku a WhatsApp, sauran ku danna Join Room ku rubuta ta. Wurin da ake yin kuskure shi ne zaɓen saba, wato kwamfutar kamfanin da take haɗa 'yan wasa. Duk abin da ka danna sai ya je sabar ya dawo, kuma nisa ba ya ƙarya: saƙo a cikin wayar faiba yana cin kamar kilomita 200 ne a kowace ms ɗaya, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ga namu sai ya gangara Legas tukuna ya bi ta ƙarƙashin teku. Idan na Jidda ya buɗe ɗaki a sabar Gabas ta Tsakiya, shi zai ji daɗi, kai da na Accra ku sha wahala, domin sau da yawa hanyarku zuwa can ma ta Turai take bi. Ku sa Europe. Na Manchester zai fi kowa sauƙi, wannan ba yadda za a yi da shi, amma ku ukun za ku zama kusan kai ɗaya.

Ummu Hanan: Ni dai da 'yan uwana Among Us muke yi, kuma ban taɓa jin wani ya yi kukan sabis ba, alhali akwai wadda take Malesiya. Wasa ne na gardama da zargi, ba na saurin yatsa ba, jinkirin rabin daƙiƙa ba ya kashe kowa. Abu biyu ne suka taɓa hana mu shiga. Ɗaya ba ta sabunta nata ba, ya ƙi karɓar ta. Ɗayan kuma lambar ɗakin, haruffa shida ɗin nan, muka yi ta rubutawa yana cewa bai ga ɗakin ba, ashe ita tana Asia mu muna Europe. Mu lokaci ne ma matsalarmu, ƙarfe 2 na rana a Kano ƙarfe 9 na dare ne a wurinta.

Mai Shagon Gem: Gaskiya ne Hajiya, ya fi jure raunin sabis. Sai dai su huɗu ne cif, wato mafi ƙarancin adadin da wasan yake karɓa. Maci amana ɗaya, mutum uku, yana kashe biyu an tashi. Sai sun kai shida ko bakwai zai yi armashi. Kuma a waya ne kawai yake kyauta, na laftof zai saya, na PS4 zai saya ya ƙara da PS Plus.

Injiniya Zariya: Ku sa VPN kawai, ku zaɓi Ingila dukkanku, gem ɗin zai ɗauka gari ɗaya kuke. Ni da shi nake buga Free Fire.

Mai Shagon Gem: Injiniya, ba toshe su aka yi ba ai. VPN ba ya rage nisan Kano da Turai, zango yake ƙarawa a hanya.

Injiniya Zariya: Yallaɓai ni na gani da idona, ping ɗina, wato lokacin zuwa saba da dawowa, daga ms 190 ya sauko 140.

Mai Shagon Gem: Yana faruwa idan hanyar da layinka yake bi karkatacciya ce, VPN ɗin ya miƙe ta. Ba doka ba ce, a wani layin ƙaruwa zai yi. Ɗan Fagge, abin dubawa ba girman lambar ba ne kaɗai. `ping` da ya tsaya a 130 ana wasa da shi, hannu yana sabawa. Wanda yake tsalle daga 90 zuwa 300 shi ne bala'i, za ka ga mutum ya ɓace ya ɓullo a bayanka. In ka ga haka, daga wajenka ne: ka kashe duk abin da yake saukewa a ɓoye, ka matsa kusa da taga, ka lura ko da dare ne kawai yake yi lokacin da unguwa duk ta hau layi.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai Yaya. To Minecraft fa? Na Manchester ya ce yana da shi. Kuma ta ina za mu riƙa magana?

Mai Shagon Gem: Iri biyu ne, Java da Bedrock, ka tambaye shi wanne yake buɗewa. Java ba ya haɗuwa da waya ko PS4, sai Bedrock. Kowa sai ya sayi nasa, kowa sai da akawun na Microsoft, na Jidda kuma PS Plus ya dawo. Ka gargaɗe shi ya natsu wajen haɗa akawun ɗin da PlayStation, domin wanda ya fara haɗawa shi ke nan, ba a musanya shi da wani. Duniyar kuma tana kan na'urar wanda ya buɗe ta, in ya sauka kowa ya sauka, sai in kun biya Realms, sabar hayar Minecraft, duk wata. Kada kai ka zama mai masauki da datar waya, shiga wurin mai irin wannan layin yakan ƙi. Na Manchester ya riƙe.

Magana kuwa, Discord yana aiki a PS5 amma ban da PS4, don haka na Jidda ya kira ta wayarsa ya sa abin kunne.

Ummu Hanan: Kai da kake wasa a wayar, kira da gem a lokaci guda zafi take yi sosai. Ni wayar maigida nake ara don kiran.

Baban Ƙwallo: Duk da haka ni ban ga abin da zai kai ƙwallo ba. Ku koma waya ku huɗun ku yi gasa, kowa ya kara da kowa.

Ɗan Fagge: Na Jidda ya rantse ba zai buga ƙwallo da yatsa a kan gilashi ba. Juma'ar nan za mu gwada Brawlhalla a Europe, ƙarfe 9 agogon Kano, 11 ke nan a wurinsa. Akwai wanda ya taɓa haɗa fad ɗin PS4 da Android a gem ɗin? Ina tsoron masu fad su riƙa cin mu da yawa.