Shekara tara a kamfani ɗaya, ƙarin girma uku: muƙamin ƙarshe kawai ake sa wa a CV?

Uwar Sito: Salam jama'a. Shekarata tara a kamfani ɗaya, na shiga a mataimakiyar mai kula da sito, an ƙara min girma sau uku, yanzu ni ce shugabar sito. Wani ya ce in sa muƙamin ƙarshe kawai a CV daga 2016 zuwa yau, wai sauran cika takarda ne. Na yi haka, a intabiyu aka tambaye ni me ya sa na zauna wuri ɗaya shekara tara ba motsi. Dan Allah ya ake yi?

Ɗan Gajarta: Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya ba ki shawarar bai yi laifi ba. Mai duba CV ba shi da lokaci, takardu ne jibge a gabansa, abin da yake so ya sani shi ne yanzu ke wace ce. Ki sa shugabar sito, ki zuba abin da kika yi a ƙasa, shafi ɗaya shi ke nan. In sun tambaya sai ki yi bayani da baki.

Anti Mai Tantancewa: Ƙanena a batun lokaci ka yi gaskiya, amma kamar ba ka lura da abin da layin nan yake faɗa ba. In ta rubuta shugabar sito, 2016 zuwa yau, to ta ce tun ranar da ta shiga take shugabanci, kuma ba haka ba ne. Aikina ke nan, kafin mu ba mutum takardar kama aiki mukan tuntuɓi ofishin ma'aikata na inda ya fito, kuma abu biyun da suka fi saurin tabbatarwa su ne muƙami da kwanan wata. Ranar da suka ce, misali, ai a 2022 ta zama shugaba, babu wanda zai ce ta gajarta ne, cewa za a yi ta ƙara wa kanta shekara shida. Ga shi kuma ta binne abin da ya fi komai daraja a takardarta, mutanen da suka ga aikinta kullum sun ɗaga ta har sau uku. Bayani da baki kuwa sai an kira ka tukuna.

Ƙanwata turo min watanni da shekarun kowane muƙami, da abin da ya canza a hannunki duk lokacin da aka ɗaga ki.

Baban Yara: Ni shawarata ki haɗa da takardun ƙarin girman duka ukun ki yi sikanin ki tura tare, hujja ta fi magana.

Anti Mai Tantancewa: Yaya waɗannan ajiye su za ta yi sai an nema, a zagayen farko da wuya a buɗe wani abu bayan CV ɗin.

Uwar Sito: Anti ga su. Mataimakiya Maris 2016 zuwa Yuni 2018, karɓar kaya da shigar da su littafi. Jami'ar ƙidayar kaya Yuli 2018 zuwa Satumba 2020, aka ba ni ƙidayar ƙarshen wata da mutum 2 a ƙarƙashina. Babbar jami'a Oktoba 2020 zuwa Disamba 2021, gsky wannan aikin bai canza ba, suna ne da albashi. Shugaba Janairu 2022 zuwa yau, sito 3, mutum 14.

Anti Mai Tantancewa: Madalla, kin ga labarin ya fito da kansa, daga ba kowa zuwa mutum 2 zuwa mutum 14. Sunan kamfanin sau ɗaya a sama da jimillar shekarun, sai muƙaman a ƙasa, na yanzu shi ne farko, kowanne da nasa watan da shekarar. Ki juya shi zuwa harshen da CV ɗinki yake:

```
SUNAN KAMFANI, Maris 2016 zuwa yau
Shugabar sito, Janairu 2022 zuwa yau
Babbar jami'ar ƙidaya, Oktoba 2020 zuwa Disamba 2021
Jami'ar ƙidaya, Yuli 2018 zuwa Satumba 2020
Mataimakiyar mai kula da sito, Maris 2016 zuwa Yuni 2018
```

Amma kar ki bar su a jere haka tsirara, ki buɗe tsakani. Ƙarƙashin shugaba layi huɗu ko biyar, kuma na farko ya faɗi girman abin da aka damƙa miki, sito 3 da ma'aikata 14, tun kafin ki shiga ayyuka. Babbar jami'a da jami'a tunda aikin ɗaya ne ki bar su manne da juna kamar yadda suke a sama, layi biyu ko uku a ƙasansu ya wadatar wa dukansu, kar ki ƙirƙiro bambancin da babu. Mataimakiya layi ɗaya ya isa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya raba muƙaman da kyau sannan ya kwafi jimla ɗaya ya liƙa a ƙarƙashin kowanne, kula da shige da ficen kaya, kula da shige da ficen kaya, to ka koma gidan jiya, sunaye huɗu aiki ɗaya. Duk layin da za ki rubuta a muƙami na sama ki tambayi kanki, wannan da ina muƙamin ƙasa an yarda in yi shi? In an yarda, ba nan ne wurinsa ba.

Ɗan Gajarta: To Anti yanzu ai ya haura shafi ɗaya.

Anti Mai Tantancewa: Ƙirga mana, kan magana biyar, bayani bai wuce layi tara ba. Ko ya shiga shafi na biyu, mai shekara tara a aiki ba wanda zai ƙi ta don wannan.

Mai Kwamfuta: Ni inda ban yarda ba shi ne sunan kamfani sau ɗaya. Manhajojin da ake loda CV a ciki, waɗanda ake kira ATS, suna neman kamfani da muƙami da kwanan wata a tare. Ni kaina na loda nawa a tsarin nan, fom ɗin ya cike kansa, muƙamin sama ya ɗauki shekarun duka, na ƙasa biyu suka fito babu sunan kamfani, sai da na gyara da hannu. Tun lokacin nake maimaita sunan kamfanin a kan kowane muƙami.

Anti Mai Tantancewa: Yana faruwa, ban musa ba, manhajojin ba ɗaya suke ba. Amma naka ma da kuɗinsa, ido in ya bi gefen kwanan wata da sauri ya ga shekara biyu, shekara ɗaya, shekara biyu a rarrabe, sai ya ɗauka mai yawan sauya wurin aiki ce, alhali ita ƙarfinta shi ne ta zauna ta girma.

Mai Kwamfuta: Shi ya sa nake fara layin farko da cewa an ƙara min girma daga muƙami kaza bayan wata kaza. Kuma koma wane tsari kika bi, ki kwafi CV ɗin gaba ɗaya ki liƙa a Notepad, in kwanan watan ya bar gefen muƙaminsa ya faɗo wani wuri to tebur ko akwatin rubutu kika yi amfani da shi, ki cire.

Uwar Sito: Na gode sosai wlh. Ina ga zan yi biyu, na Anti in zan tura wa mutum kai tsaye, naka in lodawa zan yi. Saura abu ɗaya, kafin a tabbatar min da shugabancin na yi riƙon ƙwarya wata bakwai ina babbar jami'a, daga Yuni 2021, ba a ba ni takarda ba. In ba shi nasa layin?

Anti Mai Tantancewa: Tunda babu takarda ni ba zan ba shi kan magana ba, ofishin ma'aikata ba za su same shi a fayil ba. Ki sa shi a bayani ƙarƙashin babbar jami'a, na riƙe shugabancin sito wata 7 kafin a tabbatar da ni. Ashe ma kin ga muƙamin da kika ce bai canza ba yana da abin faɗa.

Baban Yara: Ni kam da ni ne sai na ba shi layinsa in rubuta riƙon ƙwarya ƙarara, ai ta yi aikin, kuma ogan da ya ɗora ta yana nan zai shaida.

Uwar Sito: Ogan ya bar kamfanin bara, amma ina da lambarsa. Bari in kira shi in ji ko zai yarda in sa shi cikin masu shaida.