Wasa yana katsewa a waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa: me za a rage?

Abin da masu harkar suka fi haɗuwa a kai shi ne, a fara gane irin katsewar kafin a taɓa saiti.

A ɗauki waya mai RAM na gigabait 3, wato ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe abin da take aiki a kai. Tsarin wayar da manhajojin da ke aiki a bayan fage sun riga sun cinye kaso babba. Da wasa ya cika ragowar, sai Android ta koma matse bayanai a zram, wani yanki na RAM ɗin da aka ware don haka, tana kashe manhajojin baya, aikin kuma firosesa ne ke yin sa. Wasa mai hotuna 60 a daƙiƙa yana da kusan milidaƙiƙa 17 kacal ya zana kowane hoto, idan firosesa ya shagala da wancan aikin, hoton da ya makara ya wuce. Alamar ita ce wasan yana tafiya sumul, sai ya daskare ɗan lokaci daidai lokacin shiga sabon wuri. Ka leƙa saƙo ka dawo, ka tarar ya fara daga farko.

Idan haka ne, Texture Quality ne za a sauke zuwa Low a saitin wasan, domin zanen jikin abubuwa ne ke cin wuri. Shadows da Anti-aliasing, wato inuwa da gyaran gefen hotuna, sun fi wahalar da ɓangaren zane, amma a kashe su. Sai a tsayar da Frame Rate, wato yawan hotuna a daƙiƙa, a 30. Talatin tsayayye ya fi sittin mai tangal-tangal daɗin wasa nesa ba kusa ba.

Idan kuwa sai wayar ta ɗau zafi take yin nauyi, rage gudu take don ta huce. A cire caja da rigar wayar.

An ɗan yi saɓani kan RAM Plus, mai aron wuri daga ma'ajiya. Ni ina bayan masu cewa kar a dogara da shi, ma'ajiya ba ta kai saurin RAM ba.