Kwastoma na son gadon karfe mai aljihun tebur: yaya zan rubuta amsa?

Assalamu alaikum masu walda. Kwastoma na son a kara aljihu biyu karkashin gadon karfe mai fadin kafa shida da tsawon kafa shida. Aikin zai yiwu, amma sai an daga kafafun da inci hudu, a cire sandar tsakiya, a maye gurbinta da bututu mai kauri, in ba haka ba katifa za ta lotsa. Akwatunan aljihun kuma kafinta ne zai hada, wa'adinsa ba a hannuna yake ba.

Nan na makale: in yanke farashi yanzu, karfe ya tashi kafin a biya kafin alkalami, asara ta hau kaina. Shin in rubuta cewa farashin na mako guda ne, kwanakin aiki kuma su fara daga ranar biyan rabi? Kwana nawa kuke karawa saboda kafinta da bushewar fenti?