Baba uku a Ƙofar Mata

A hirar da malaman Hausa suka yi a Kano kan baƙin da ke koyon harshen, an fi daɗewa a kan wani ɗalibi da ya je marinar Ƙofar Mata yana tambayar baba. Shukar rini yake nufi, wadda gaɓoɓinta biyu duk sama ake faɗinsu. Shi kuwa ya fara ƙasa ya hau sama, wato mahaifi. Da ya fara sama ya sauko, da uwa ya kira.

Malaman sun ce rubutun boko ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, don haka idon ɗalibi kalma ɗaya yake gani. Kunnensa kuma ya saba da harshen da hawa da saukar murya ke nuna tambaya ko fushi. Abin da ya fi wahalar da shi, a ganina, shi ne muryar Bahaushe tana gangarowa cikin jimla, har karin sama na ƙarshe ya yi ƙasa da na farko sosai.

Shawararsu ita ce ɗalibi ya rufe baki ya yi gunjin kalmar, yana auna kowace gaɓa da maƙwabciyarta. Ya fara da kukan yaro da kukar miya kafin ya koma marina.