Ƙasata ba ta riƙe ruwa: yaya ake gane irin ƙasa da hannu?

Mai attaruhu, ɓangaren Ringim:
Assalamu alaikum. Bana na bar fadamar da nake haya na dawo gonarmu ta gado, na buga ƙaramar rijiya na dasa attaruhu. Ina ban ruwa da safe har fangali ya cika, washegari da azahar ganye ya langaɓe kamar an yi mako ba a ba shi ba. Maƙwabcina da ke gangare, injinmu iri ɗaya, sai bayan kwana huɗu yake kunnawa. Na ƙara lokacin ban ruwan, fetur ya ƙare, ba abin da ya sauya. Wani ya ce in murza ƙasar a hannu zan gane matsalar. To na murza, ban san me nake nema ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Kura:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai an murza ba, ɗan'uwa. Jigawa ce kake kai. Ka nemi wuri mai laka kawai, laka ce ke riƙe ruwa, iyakar maganar ke nan. Mu nan kan shinkafa ruwa sai ya kwana a fangali bai nutse ba.

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
Ɗan Kura, rabin maganarka daidai ne, zan dawo kan ɗaya rabin. Mai attaruhu, ga yadda nake yi tun ina aiki. Kada ka ɗebi ta saman nan da iska ta share. Ka tona kamar taƙi ɗaya, ka ɗebi abin da zai cika tsakiyar tafin hannunka, ka tsince tsakuwa da saiwa. Sai ka riƙa ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan kana cuɗawa, har ta yi laushi irin na ƙullun fulawa amma ba ta zama kunu ba. Cuɗawar nan kada ka yi mata gaggawa, minti biyu ko uku, domin busasshiyar laka takan zauna ƙulli-ƙulli ta yi maka kama da yashi a hannu alhali ba shi ba ne.

Daga nan ka dunƙula ta. In ta ƙi dunƙuluwa sam, rairayi ne zalla. In ta dunƙulu, ka ɗora ta a gefen manuniya ka riƙa turawa da babban yatsa, ta fito falle kamar harshe, ka bar ta tana tsawo har nauyinta ya karya ta. Tsawon da ta kai kafin ta karye shi ne awon lakar da ke ciki. Gaɓar yatsa ɗaya kusan santimita biyu da rabi ce. In ba ta kai gaɓa ɗaya ba, lakar kaɗan ce. Tsakanin gaɓa ɗaya da biyu, matsakaiciya. In ta wuce gaɓa biyu tana lilo ba ta karye ba, laka ce sosai.

Na ƙarshe, ka tsinki ɗan kaɗan ka sa a tafin hannu, ka jiƙa shi sharkaf ka murza da yatsa kusa da kunnenka. Yashi yana ƙaras-ƙaras, za ka ji shi da kunne ma. Akwai wadda za ka ji ta sumul kamar garin alkama, ba ƙaras kuma ba danƙo. Laka kuwa tana kama yatsa, in ka raba yatsun sai ka ji tana ja.

Mai tukwane, Dawakin Tofa:
Malam, wannan naɗin harshen ai shi muka gada. Mu igiya muke murzawa, kaurin yatsa, mu lanƙwasa ta kamar awarwaro. In ta haɗu ba ta tsage ba, yumɓu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya gini, sai ya fashe wajen bushewa, dole a sirka masa. Ni dai ban taɓa tunanin aikin ya shafi gona ba. Amma na san inda muke haƙar yumɓu, da damina ruwa ke kwanciya, da rani kuma ƙasar ta dare har ƙafar akuya na faɗawa.

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
Hajiya, hannunki ya fi nawa sanin laka, kuma gwajin awarwaron nan ana koyar da shi ga malaman gona. Darewar da kika ambata ita ce alamar dabaro.

Bari in koma kan Ɗan Kura. Ƙwayar yashi babba ce, daga milimita biyu zuwa ƙasa, ido na ganinta, ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin kuma manya ne, ruwa na bi ya wuce kamar a rariya. Ƙwayar laka ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, don haka tana riƙe ruwa da yawa, gaskiya ne. Sai dai riƙon nata na marowaci ne. Kaso mai yawa na ruwan yana manne da ƙwayoyin da ƙarfin da saiwa ba za ta iya ƙwacewa ba, shi ya sa za ka ga shuka ta yi yaushi a laka alhali in ka tona ƙasar da sanyinta. In kuma ta ƙoshi da ruwa sai iska ta rasa hanya, saiwar barkono ta ruɓe. Shinkafa ce ke jure wannan. Wadda ta fi ba shuka ruwan da za ta iya sha ita ce ta tsakiya, mai yawan wannan garin ƙasar mai sumul, ko wadda ta haɗa ukun.

Ɗan Kura:
To Malam, wannan ta tsakiyar me sunanta da Hausa? Turɓaya?

Dattijo daga Auyo:
A'a. Turɓaya a wajenmu ƙasa ce mai laushi da ƙafa ke nutsewa, yawancinta rairayi ne mai ƙanana. Wadda Malam ke nufi ita ce wadda ruwa ke bari a bakin kogi bayan ambaliya ta janye, in ta bushe sai ta yi ɓawo a sama. Mu dai ƙasar ambaliya muke ce mata.

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
Baba, na bi bayanka. Ni garin ƙasa nake cewa don manoma su gane, kuma ƙurar hazo da ke kwanciya a kan ganye mafi yawanta irin wannan ce. Ɓawon da ka faɗa shi ne aibinta, yana hana ƙananan iri tsirowa. Kuma rairayi mai ƙananan ƙwaya shi ya fi ruɗar mai gwaji, sai ka rantse garin ƙasa ne, sai ka kai kunne.

Matashi, Gwarzo:
Don Allah in ƙasata ta yi harshe mai tsawo, yana nufin ba sai na sa NPK ba? Buhu ya yi tsada wallahi.

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
A'a ɗana, hannu ba ya auna abincin da ke cikin ƙasa, girman ƙwayarta kawai yake faɗa maka. Abin da zai amfane ka shi ne, in taka mai yashi ce, kada ka zuba yuriya gaba ɗaya, ka raba ta sau biyu ko uku, domin ruwan da ke wucewa da ita yake tafiya.

Mai attaruhu, ɓangaren Ringim:
Malam, na je na yi yau da safe. Ta taƙi ɗaya ta dunƙulu da ƙyar, da na ɗan jefa ta sama na cafe sai ta wargaje. Harshe bai fito ba ko kaɗan, ƙaras kuwa har a haƙori nake ji. Na roƙi maƙwabcina na gwada tasa, ta yi harshe gaɓa ɗaya da ɗan wani abu, ta bar mini baƙi a hannu. Sai na ce bari in ƙara tona tawa da dagi. Wajen kamu ɗaya launin ya koma ja-ja, wannan kuma ta yi harshe kusan gaɓa ɗaya.

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
Madalla, yanzu mu yi lissafi, amma ka ɗauke shi a matsayin ƙiyasi. Ƙasa irin taka, zurfin mita ɗaya yana ajiye wa shuka ruwa kamar milimita 70. Saiwar attaruhunka a yanzu ba ta wuce santimita 30 ba, ke nan rumbunka milimita 21 ne kacal. Ba a bari shuka ta sha fiye da rabi kafin a ƙara, barkono ma gara ƙasa da haka, don haka abin da kake da shi milimita 10 ne. A zafin Maris da Afrilu, rana da shuka suna iya ɗauke milimita shida ko bakwai a yini. Ka ga yini ɗaya da rabi ke nan, daidai da azahar ɗin da ka faɗa. Ta maƙwabcinka za ta kai milimita 150 a mita, wato 45 a zurfin saiwa, rabinsa ya wuce 20, kwana uku zuwa huɗu.

Shi ya sa ƙara lokacin inji bai yi maka komai ba. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Fangali mai mita biyu da mita uku, milimita 10 ɗinsa lita 60 ce, jarka uku masu lita 20. Duk abin da ka ƙara bayan rumbun ya cika, ƙasa da saiwa yake wucewa, da fetur ɗinka da takinka. Ka riƙa ba shi kaɗan kullum, ka rage girman fangalin don ruwa ya kai ƙarshe da sauri, ka shimfiɗa tattakar shinkafa ko kara a gindi. Jar ƙasar da ka taras a ƙasa albishir ce, in saiwa ta kai can za ka ɗan samu sauƙi.

Ɗan Kura:
To me zai hana ya ɗebo laka da amalanke ya zuba, a huta?

Malamin gona mai ritaya, Gezawa:
Kadada ɗaya, taƙin saman nan kaɗai ya kusa tan dubu uku. Ka lissafa amalanke nawa za ta sauya shi. Ni takin gida na sani, na shanu da tumaki, kowace shekara. Ba ya mai da yashi laka, amma yana ƙara riƙon ruwa a hankali.

Dattijo daga Auyo:
A kadada na yarda, Malam. Amma mahaifina ya kan fasa tsohon suri ya zuba ƙasar a ramin dashe kawai, ba gona duka ba, kuma da idona na ga bambanci a kan kabewa. Ban san ko lakar ce ko wani abu ne a cikin surin ba.

Mai tukwane, Dawakin Tofa:
In zai gwada, ya daka ta ta yi gari ya gauraya. In ya zuba ta gunduwa-gunduwa, haka zai tono ta baɗi.

Mai attaruhu, ɓangaren Ringim:
Na gode ƙwarai. Na raba fangalai biyu-biyu tun jiya, ina ba su da sassafe. Layi ɗaya na ware zan gwada maganar Baba, akwai tsohon suri a kan iyaka, sai dai rabinsa a gonar maƙwabcin yake, sai na tambaye shi tukuna.